Idan Kati Ya Ƙi Shiga: Yadda Ake Biyan Kuɗin Apple Music, Spotify da YouTube Music Daga Panshekara

Tambayar da ta fi yawa a bakin samari da 'yan matan Panshekara, musamman masu aiki a kamfanonin Challawa, Sharada da Bompai, ita ce wannan: akwai kuɗi a asusuna, katina kuma yana cire kuɗi a wajen mai POS lafiya lau, to me ya sa manhajar waƙa take ƙin karɓarsa? Amsar da ake yawan ba mutum ita ce ya je ya buɗe katin dala. Wani lokaci shi ne maganin, amma sau da yawa ba shi ba ne, kuma shi ne hanya mafi tsada a cikin duk hanyoyin da ake da su. Kafin ka kashe ko sisi, fara gano wane ne ya ƙi katin, bankinka ne ko kamfanin waƙar.

Me ya sa ake ƙin katin naira alhali farashin da naira aka rubuta?

Wannan shi ne abin da ke rikita mutane. Ka buɗe Apple Music ka ga an rubuta ₦1,300 a wata, sai ka ɗauka ciniki ne na cikin gida kamar sayen data. Ba haka ba ne. Farashin ne kawai da naira, amma mai karɓar kuɗin yana ƙasar waje. Kamfanin Apple da ke karɓar kuɗin mutanen yankinmu yana ƙasar Ireland, Spotify kuma asalinsa kamfanin Sweden ne. Idan kuɗin ya bi ta Visa ko Mastercard zuwa wani banki na waje, bankinka zai cire maka naira, shi kuma sai ya nemo dala ya biya can. Saboda haka a idon banki, ₦1,300 ɗin nan cinikin ƙasar waje ne.

Lokacin da dala ta yi wahala a Najeriya, bankuna suka fara matse wannan ƙofa. A 2020 da yawansu suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 100 a wata. A farkon 2022 aka sake ragewa zuwa dala 20. Daga nan aka fara rufewa gaba ɗaya: First Bank ya dakatar a ƙarshen Satumban 2022, GTBank a ƙarshen Disamba, Zenith a Janairun 2023. A wannan tsakanin ne katin dala na cikin waya ya zama abin yayi, har mutane suka saba da cewa katin banki ba ya aiki a intanet, shi ke nan.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne labarin ya canza. A Yulin 2025 bankuna irin su UBA, Wema da GTBank suka sanar cewa sun dawo da biyan kuɗin waje da katin naira, kowanne da iyakarsa. GTBank misali ya fara da dala 1,000 a duk wata uku. Kuɗin waƙa na wata bai ma kai dala biyu ba, don haka iyaka ba matsala ba ce. Idan rabonka da gwada katin bankinka tun 2023, sake gwadawa kafin ka yi komai.

Karanta alamar tukunna

Yadda katin ya faɗi shi ke nuna inda cutar take.

Idan kana gama rubuta lambar katin aka ƙi shi nan take, babu OTP, babu alat daga banki, to mai yiwuwa maganar ba ta ma kai bankinka ba. Kamfanin waƙar ne ya duba lambobin farko na katin, waɗanda ke nuna irin katin da ƙasar da ta bayar da shi, ya ga ba ya karɓar irinsa, ko kuma ƙasar katin ta saɓa da ƙasar da aka buɗe akawun ɗinka.

Idan kuwa ya ɗan yi juyi kafin ya ƙi, sannan banki ya turo saƙo ko ka ga `Transaction not permitted to cardholder`, to bankinka ne ya hana. Yawancin manhajojin banki suna da wajen sarrafa kati, inda ake kunna ko kashe amfani da shi a ATM, a POS, a intanet, da kuma ƙasar waje. Sau da yawa na intanet da na waje a kashe suke zuwa. Ka shiga sashen `Cards` ka kunna su, ka jira 'yan mintuna, ka gwada sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Danna maɓalli sau goma a jere yana sa na'urar tsaro ta ɗauke ka ɓarawon kati, ta rufe ka na wani lokaci ko da komai ya gyaru.

Idan an cire ɗan ƙaramin kuɗi sannan aka dawo da shi, wannan ba sata ba ce, gwaji ne don a tabbatar katin na da rai. Amma yana nuna maka abu ɗaya: kada ka bar daidai kuɗin waƙar cif a asusu. Wanda ya bar ₦1,300 don biyan ₦1,300 zai iya ganin `Insufficient funds`, saboda gwajin nan, ko cajin saƙon banki, ko ɗan bambancin canji ya riga ya ci wani abu a ciki.

Akwai wata cuta ta masu iPhone na hannu, kuma ita ce ta fi ɓoyewa. Mutum ya sayi waya a Farm Centre, mai shago ya buɗe masa Apple ID cikin gaggawa, ya bar ƙasar a Amurka ko Birtaniya. Duk katin Najeriya da ka saka za a rubuta maka `Your payment method was declined`, ko da bankinka ya buɗe ƙofa wangale. Alamar mai sauƙi ce: idan farashin da ka gani da dala ko fam yake, ba da naira ba, ƙasar akawun ɗinka ba Najeriya ba ce. Ana gyarawa ta `Settings`, ka danna sunanka, sai `Media & Purchases`, `View Account`, sannan `Country/Region`. Apple ba zai bari ka canza ba sai ka soke duk rajistar da ke gudana, ka kuma kashe ragowar kuɗin da ke akawun ɗin. Ribar gyaran nan babba ce, don farashin Amurka ya haura dala goma a wata, na Najeriya kuma bai kai dala ɗaya ba.

Asusun waya: OPay, PalmPay, Moniepoint, MoMo

A Panshekara ma'aikaci da yawa ba ya ma zuwa banki. Ana biyansa a hannu ko ta taransifa, ya tsaya wajen mai POS ya zuba a OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Wasu kuma suna da MoMo na MTN ko SmartCash na Airtel, waɗanda suka fara aiki a 2022. To a nan a fahimci abu ɗaya. A Kenya mutum na iya biyan Spotify kai tsaye da M-Pesa. A wajenmu, amfanin asusun waya ya fi zuwa ta hanyoyi uku: katin da suke bayarwa, sayen katin waya, da zuba kuɗi a katin dala.

Katin da waɗannan kamfanoni suka fi rabawa Verve ne, na kamfanin Interswitch, wato katin gida. Shekarun baya ana raina shi saboda ba ya fita waje, amma wannan rashin fitar ne ya zama amfaninsa. A 2023 Verve ya ƙulla yarjejeniya da Google, aka fara karɓarsa a Play Store da naira, kuma Spotify na cikin kamfanonin da ke karɓarsa. Tunda cinikin da naira yake tafiya, iyakar dala ta banki ba ta shafe shi ba. Don haka mai Tecno, Infinix, itel ko Samsung da ke son YouTube Music, ya shiga Play Store, ya danna hotonsa, `Payments & subscriptions`, `Payment methods`, ya saka katin Verve ɗinsa. Mai son Spotify kuma ya fi sauƙi ya buɗe `spotify.com/premium` a Chrome ya biya a can, ya duba duk hanyoyin biyan da shafin ya jero masa. Sharaɗin Spotify shi ne ƙasar katin ta zama ɗaya da ƙasar akawun. Ka kashe VPN kafin ka fara, don shi kaɗai yana iya ɓata komai.

Wajen Apple kuwa kada ka sa rai da Verve, Visa da Mastercard ya sani. Amma masu layin MTN suna da mafita mai kyau tun 2023: ana iya yin rajistar Apple Music ta MTN, a riƙa cirewa daga katin waya. Kana farawa ne daga wajen MTN ɗin, su turo maka saƙo mai ɗauke da mahaɗa, ka danna ta haɗa layin da Apple ID ɗinka. Ba kati, ba dala, ba canji. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai iPhone a unguwarmu. Sai dai a kula da abubuwa uku. Idan kana da tsohuwar rajista da kati, soke ta tukunna, in ba haka ba za ka biya sau biyu. Kuɗin garaɓasa ba ya biyan irin wannan, sai ainihin katin da ka saka. Sannan idan akwai bashin katin waya a kanka, bashin zai fara cinye abin da ka loda kafin waƙa ta samu rabonta. Danna wannan ka ga abin da ya rage bayan lodi:

```
*310#
```

Ga wanda burinsa kawai waƙoƙin Hausa ne, su Hamisu Breaker, Umar M. Shareef, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Ado Gwanja, Namenj da DJ AB, gaskiya ya fara duba Audiomack da Boomplay. Audiomack na barin a sauke waƙoƙi da yawa kyauta, tallace-tallace ne kawai za ka jure. Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da 'yan uwansa, an gina shi ne don mutane irinmu, yana da rajistar kwana, ta mako da ta wata, kuma yana karɓar hanyoyin biya na gida.

Katin dala na cikin waya

Idan duk waɗancan sun ƙi, sai a zo nan. Katin cikin waya, wanda samari ke kira bacuwal kad, kati ne da ba a riƙe shi a hannu. Lamba 16 ce, da ranar ƙarewa, da lambobi uku na CVV, da adireshi, duk a cikin manhaja. Kamfanoni irin su Chipper Cash, Grey, Cardtonic, Eversend da Raenest, wanda a da aka sani da Geegpay, suna bayar da shi. Kana tura musu naira, su canza maka zuwa dala a farashinsu, ka zuba dalar a katin.

Za su nemi BVN ko NIN, da hoton fuskarka, wani lokaci da katin shaida. Wannan ba abin tsoro ba ne, tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa asusu da waɗannan lambobi. Idan ka manta naka, ka danna waɗannan a layin da ka yi rajista da shi, ana cire ɗan caji:

```
*565*0#
*346#
```

Na farko BVN ne, na biyu NIN. Inda ake yawan maƙalewa shi ne suna. Wani a NIN Muhammad ne, a BVN Mohammed, a manhaja kuma ya rubuta sunan da abokai ke kiransa. Rubuta sunan yadda yake a takardar, harafi da harafi. Haka wajen saka katin a manhajar waƙa, ka kwafi suna da adireshin da katin ya nuna maka. Idan katin adireshin waje yake ɗauke da shi, alhali akawun ɗinka na Najeriya ne, wani kamfanin zai karɓa, wani zai ƙi. Shi ya sa kafin ka biya kuɗin buɗe kati, ka duba a shafin taimakon mai katin ko ya ambaci sunan manhajar da kake so a cikin waɗanda katin ke aiki da su.

Mu yi lissafi

Ɗauki wani matashi, a ce yana aikin dare a kamfanin roba a Challawa, yana son Apple Music na ₦1,300, farashin da ya fara aiki a tsakiyar 2025. Cajin katin dala ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani kuma yana canzawa, don haka lambobin da ke ƙasa misali ne, kai sai ka cire su ka saka na manhajarka.

A ce buɗe kati dala 2 ne, mafi ƙarancin zubi dala 3, manhajar kuma tana sayar da dala a ₦1,550. Ranar farko zai fitar da dala 5, wato ₦7,750. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ₦70,000, wannan ya haura kashi ɗaya cikin goma na albashinsa, don waƙar ₦1,300.

Yanzu Apple ya zo cire ₦1,300. Katin dala ne, don haka za a sake canza nairar zuwa dala, wannan karon a farashin Visa ko Mastercard, a ce ₦1,500. Abin da za a cire dala 0.87 ne. Ka lura an yi canji sau biyu: ya sayi dala da tsada, an karɓe ta a hannunsa da araha. Dala 0.87 a farashin da ya saya ta kai kusan ₦1,350. Bambancin ba shi da yawa, ba nan ciwon yake ba.

Ciwon yana wajen cajin kula da kati. Idan kamfanin na cire dala 1 duk wata, to kuɗin kula da katin ya fi kuɗin waƙar kanta. Duk wata dala 1.87 ke tafiya, kusan ₦2,900. A shekara, haɗe da kuɗin buɗewa, dala 24.44 ne, wato ₦37,882. Idan katin ba shi da cajin wata, shekarar za ta tsaya a dala 12.44, wato ₦19,282. Wanda ya biya ta katin waya ko katin naira kuwa ₦15,600 zai kashe. Saboda haka tambayar farko ga duk mai katin dala ita ce cajin wata, ba farashin canji ba. Wasu kuma suna ƙara caji idan cinikin ba da dala aka yi shi ba, kuma rajistarka ta naira tana cikin wannan rukuni, don haka ka nemi wannan layin ma a jerin cajinsu.

Bi sauran dala 3 ɗin ka ga yadda kati ke mutuwa. Wata na farko an cire 0.87, saura 2.13. Cajin wata ya ci 1, saura 1.13. Wata na biyu an cire 0.87, saura 0.26. Wata na uku Apple ya zo, kuɗi bai isa ba. Ba sau ɗaya yake gwadawa ya haƙura ba, zai dawo ya sake. Kamfanonin kati da yawa suna cin tara kan duk gwajin da ya faɗi saboda rashin kuɗi, wasu kuma bayan faɗuwa biyu ko uku sai su soke katin gaba ɗaya. Saurayin namu yana can yana aiki bai sani ba, sai ranar da waƙoƙin da ya sauke suka ƙi buɗewa. Wani lokaci ma Apple na rubuta bashin a kan akawun, ya hana sauke ko da manhajar kyauta, ya riƙa nuna `Verification Required` har sai an biya.

Maganin wannan yana wajen zaɓen rana. Ranar da ka fara rajista ita ce ranar da za a riƙa cirewa duk wata. Idan albashinka na shigowa ƙarshen wata, amma ka yi rajista ranar 24 saboda sabon kundi ya fito, ka ɗaura wa kanka cirewa a lokacin da aljihu ya fi bushewa. Jira kwana biyu ko uku bayan albashi sannan ka fara. Ka zuba kuɗi kwana ɗaya kafin ranar, ka bar rarar aƙalla dala ɗaya. Watan da ka san ba hali, ka shiga `Subscriptions` ka soke da kanka. Za ka ci gaba da sauraro har ƙarshen kwanakin da ka riga ka biya, kuma ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa katin. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirewa.

Kada kuma ka mayar da katin dala wajen ajiya. Yawancin masu manhajar ba su ne ke ƙera katin ba, wani kamfani ne a bayansu. A Yulin 2022, da kamfanin Union54 na Zambiya ya dakatar da aikinsa, katunan dala na manhajoji da dama suka tsaya a lokaci guda, har da Barter na Flutterwave wanda ya yi tashe sosai a lokacin. Zuba kuɗin wata biyu ko uku ya isa.

Masu sayar da gurbi da katin kyauta

Za ka ga masu talla a WhatsApp suna cewa ka turo ɗari biyar su saka ka a tsarin iyali. Tsarin iyali gaskiya ne, mutum shida yake ɗauka, kuma idan 'yan gida ɗaya suka haɗa kuɗi babu abin da ya fi shi sauƙi. Amma Spotify na neman duk mutanen su tabbatar adireshi ɗaya suke zaune, kuma mai gurbin na iya cire ka duk sa'ar da ya ga dama, ba inda za ka kai ƙara. Idan ya ce sai ka ba shi kalmar sirrin Apple ID ɗinka, kada ka bayar, da ita zai iya kulle wayar kanta daga nesa.

Katin kyauta na Apple shi ma a ɗaure yake da ƙasa. Na Amurka ba ya shiga akawun ɗin Najeriya. Wanda ya canza ƙasarsa zuwa Amurka don ya loda shi, ya koma biyan sama da dala goma a wata kan abin da maƙwabcinsa ke samu a ₦1,300.

Farashi dai na motsi. Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021 da ₦900 a wata, ya koma ₦1,300, a 2025 ya kai ₦1,600. Idan an ƙara kuɗi suna turo saƙo ta imel kafin ranar, kuma sabon farashin za a cire ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Duk lokacin da ka ga irin wannan saƙo, ka ƙara abin da kake bari a katin ko a layin daidai da ƙarin.